Na ba su salon maganar Turanci 40, sun dawo mini da su a cakuɗe: ina gyaran yake?

Malama Hadiza, Garwa:
Assalamu alaikum malamaina. Ina neman shawara a kan koyar da salon maganar Turanci, wato maganganun nan da ma'anarsu ba ta fitowa daga kalmominsu ɗaya bayan ɗaya. Ajina na shekarar da ke bin jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare ne, ɓangaren masu karatu da Faransanci, yara sun haura 80, Turanci kuma awa uku ne a mako. Na rubuta musu guda 40 a allo, kowanne da ma'anarsa da Faransanci, suka kwafa, suka haddace. A gwajin ma'ana sun yi ƙoƙari. Da aka zo rubutun insha'i sai ga irin waɗannan: "It cost the eyes of the head", da "Put eye on my bag", da "We tightened our belts and started the work", da "My father cannot join the two ends". Abin da ya ɗaure mini kai shi ne waɗanda na ɗauka masu sauƙi su ne suka fi lalacewa. Masu wuyar kuwa ba wanda ya taɓa su ko sau ɗaya.

Baba Ɗanjuma, Ngaundere:
Wa alaikumus salam 'yata. Wannan ai abu ne mai sauƙi. Kowane karin magana na Bature akwai ɗan'uwansa a Hausa. Ki jera su biyu-biyu. Idan Bature ya ce a yi sauri a hankali, ki ce musu sauri ya haifi nawa. Su rera tare kowace safiya har ya zauna. Da haka aka koyar da mutane da yawa kuma ba su manta ba.

Malama Hadiza, Garwa:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Sai dai ba karin magana nake nufi ba. Karin magana cikakkiyar jimla ce, ana ɗaukarta a ajiye yadda take. Waɗannan guntaye ne, irin namu na "ya ci amana" ko "ya sha kashi", dole sai yaro ya saka su cikin jimlarsa, ya daidaita lokacin aikatau da wakilin suna. A nan ne suke faɗuwa.

Malam Sani, Marwa:
Malama, ki sake duba jimlolin nan huɗu da kika kawo, domin ba iri ɗaya ba ne, kuma amsar tambayarki tana cikinsu. Ta farko da ta huɗu Faransanci ne aka sa wa rigar Turanci. "Coûter les yeux de la tête" shi ne ya danne "cost an arm and a leg", kuma "joindre les deux bouts" shi ne ya danne "make ends meet". Ta biyu daga Hausa ta fito, "sa ido" ne, alhali Bature "keep an eye on" yake cewa. Ta uku kuwa siffarta daidai take ɗari bisa ɗari, ma'anar ce ta kauce. Yaron ya ji batun ɗaure bel sai zuciyarsa ta tafi ga "ɗaura ɗamara", wato shirya wa aiki. A Turanci "tighten your belt" tsuke bakin aljihu ne saboda kuɗi sun yi ƙaranci, haka ma "se serrer la ceinture" a Faransanci.

Wata mai bincike, Suzanne Irujo, ta gwada wannan a 1986 da ɗalibai 'yan Banizuwela masu jin Sifaniyanci. Ta kasa salon magana gida uku: wanda ya yi daidai da na harshen ɗalibi, wanda ya yi kama amma ba daidai ba, da wanda ya bambanta gaba ɗaya. Na farko ya fi sauƙi wajen ganewa da wajen amfani. Na biyu ana gane shi kusan kamar na farko, amma wajen amfani a nan harshen gida ya fi kutsawa. Na uku ya fi wuya, sai dai kutsen harshen gida kaɗan ne a cikinsa. Abin da kika gani a takardunki ke nan. Masu kama ne suke cakuɗewa, domin yaro yana jin ya riga ya san su, ba ya tsayawa ya kalli kalmomin.

Bambancinmu da ɗaliban nata shi ne su harshe ɗaya ne a bayansu. Yaronki na Garwa yana da Hausa ko Fulatanci a gida, ko duka biyun, ga Faransancin makaranta a kai. Saboda haka kafin ki shiga aji ki ɗauki kowane salon magana ki auna shi sau biyu, da Faransanci sannan da harshen gida. Wanda ya yi daidai, minti ɗaya ya ishe shi. Wanda ya yi kama, shi za ki ba mafi yawan lokaci. Wanda ya bambanta, ki nemi ganewa kawai tukuna, kada ki tilasta amfani.

Sannan 40 ya yi yawa ƙwarai. Biyar a darasi ɗaya, darasi ɗaya cikin mako biyu. A zango guda za ki samu wajen 25, kuma za su zauna.

Malam Adamu, Injamena:
Ni a nan ne ban yarda ba, Malam Sani. Kai da kanka ka ce harshen gida ne yake kutsawa. To me ya sa za mu buɗe masa ƙofa da hannunmu? Masu koyo a wurinmu manya ne, masu neman aiki a ƙungiyoyin agaji, suna da Larabcin Cadi da Faransanci, wasu da Hausa. Ƙa'idar da muke bi ita ce Turanci zalla a cikin aji. A saka maganar cikin labari, mutum ya cinko ma'anarta daga abin da ke kewaye da ita. Idan aka fara kwatanta harsuna, rabin awa ya tafi a gardamar yadda ake faɗa da Larabci, Turancin kuma ba a ji shi ba.

Malam Sani, Marwa:
Rabin maganarka gaskiya ce Malam Adamu, kuma muhimmin rabi ne: dole maganar ta zo cikin labari, ba a jere a allo ba. Kuma gaskiya ne kwatancen yana iya cinye darasi idan ba a sa masa iyaka ba. Amma hana faɗin harshen gida ba ya hana tunaninsa. Ɗalibi yana fassarawa a ransa, kai ne kawai ba ka ji ba, sai ranar gyaran takarda.

Cinkar ma'ana kuma tana da sharaɗi. Binciken da su Paul Nation suka yi a kan karatu ya nuna mai karatu yana bukatar sanin wajen kashi 98 cikin ɗari na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi shi kaɗai ba da taimako ba. Kalma ɗaya ke nan cikin 50 da bai sani ba. Idan labarin ya cika da baƙin kalmomi, ba abin da zai dogara da shi ya cinka. Akwai kuma abin da ya fi wannan haɗari. Salon magana yakan zo da kalmomin da yaro ya san kowace ɗaya. "He is pulling your leg", duk kalmomin ajin farko ne, ma'anarsa kuma yana zolayarka ne. Yaro bai ma san akwai abin cinka ba, ya wuce yana ganin an ja ƙafar wani. To idan ya cinka ba daidai ba, kuma ba a gyara nan take ba, kuskuren ne zai zauna, domin shi ne ya sha wahalar nemo shi. Don haka a bar shi ya cinka, amma a tabbatar masa da amsa kafin minti biyar su wuce.

Malama Hadiza, Garwa:
Malam, in ba damuwa ka zana mini darasi guda daga farko har ƙarshe. Ka tuna babu kuɗin hoton takarda ga yara 80, allo ne da alli kawai.

Malam Sani, Marwa:
To bari mu ɗauki naki guda huɗun, mu ƙara "have a hand in", su zama biyar. Na zaɓe shi ne da gangan domin daidai yake da namu na "yana da hannu a ciki", zai ba yaran ƙarfin gwiwa. Duka biyar kuma suna shiga labari ɗaya ba tare da an matsa su ba, labarin tsadar rayuwa.

Ki rubuta labarin da kanki, kalmomi 120 zuwa 150, ba wata kalma a ciki da ba su sani ba in ban da maganganun biyar. Misali, wata mai sayar da hatsi a kasuwa, farashin buhun masara ya yi tashin gwauron zabo, iyalinta sun rage kashe kuɗi, da ƙyar kuɗin wata ke kai su ƙarshen wata. Ta ce wa maƙwabcinta ya duba mata rumfa za ta je salla, ta dawo buhu ɗaya ya ɓace, ana zargin da hannun mai turin baro. Kowace magana ki sa mata jimlar da ke tallafa mata a gaba ko a baya. Bayan "we had to tighten our belts" sai ki bi da cewa sun daina sayen nama, sun daina hawa acaɓa. Wannan jimlar ita ce za ta kashe fassarar ɗaura ɗamara tun kafin ta taso.

A darasin minti 55, biyar na farko ki karanta labarin da baki sau biyu, littattafai a rufe, ki yi tambaya biyu a kan abin da ya faru, ba a kan salon magana ba. Sannan ki buɗe allon da kika riga kika rubuta labarin, an ja layi a ƙarƙashin maganganun biyar, kowace a cike. Kada ki ja layi a ƙarƙashin "eye" kaɗai, ki ja daga "keep" har "on". Idon yaro yana ɗaukar abin da aka ja wa layi a matsayin guda ɗaya.

Minti goma na gaba, 'yan benci ɗaya su haɗa kai. Kowace magana ki ba ta ma'ana uku su zaɓa, ɗaya daga ciki ta zama ainihin tarkon da kike tsoro. A ta bel, zaɓin ya zama rage kashe kuɗi, ko shirya wa aiki, ko ramewa saboda ciwo. A ɗaga hannu, ki ƙirga da ido. Idan kashi ɗaya cikin uku sun zaɓi shirya wa aiki, kin san inda za ki tsaya. Ki tambayi wanda ya samu daidai wace jimla ce ta nuna masa, ki tabbatar da amsar.

Mataki na uku minti goma ne na kwatance, kuma goma ɗin ne iyakarsa saboda abin da Malam Adamu ya faɗa. Ki tambaya yaya ake faɗin wannan da Faransanci, yaya a gida. Tambaya ta biyu ita ce mai amfanin: wace kalma ce ta bambanta? Su da kansu su gano cewa Faransanci idanu ya ambata, Turanci kuwa hannu da ƙafa. Su gano cewa mu sa ido muke yi, Bature riƙe idon yake yi a kan abin. Ki zagaye kalmar da ta bambanta da alli mai launi. A nan ma ki faɗa musu wani abu game da "have a hand in". A Hausa idan aka ce da hannun wane, galibi abin ba na alheri ba ne. A Turanci ana faɗinsa a mugun abu, ana kuma faɗinsa a kan wanda ya taimaka aka gina makaranta.

Mataki na huɗu minti goma ne na siffa, wato wane sashe ne yake motsi, wane ne a kafe. Wannan ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne yake fitowa a jarrabawa. A "make ends meet" kalmar farko ce kaɗai take canzawa da lokaci. Yaro mai ƙoƙari zai rubuta "made ends met" don yana ganin ya bi ƙa'ida, ki riga shi. Ba a sa "the" ko "two" kafin "ends". Kuma kusan kullum tana zuwa da kalmar wahala a gabanta, irin su "can't" ko "struggle to", don haka ki koyar da ita tare da su. A "keep an eye on" ido ɗaya ne da "an", aikatau ya koma "kept". A ta bel wakilin suna ne yake bin mai magana, "my belt", "our belts". A ta hannu da ƙafa jerin ba ya juyawa, ba a fara ambaton ƙafa, kuma "cost" ba ya karɓar "ed" a wannan ma'anar. Bayan "have a hand in" suna ne yake zuwa ko aikatau mai "ing".

Minti 15 na amfani. Ki goge maganganun biyar daga cikin labarin, ki bar harafin farko na kowace kalma, su sake ba wa juna labarin da baki. Bayan haka kowa ya rubuta jimla biyu a kan unguwarsu, da magana biyu da ya zaɓa. Biyar na ƙarshe su kwafa cikin littafi: maganar a cike, jimlar da ta zo a ciki, ma'anarta, da alamar gargaɗi a gefen wadda take da tarko.

Darasin bai ƙare a ranar ba. Minti uku a farkon darasi na gaba, minti uku bayan mako guda, sannan bayan wata. Ki faɗi yanayi, su ba ki maganar. In ba a yi wannan bitar ba, yawancinsu za su zube kafin ƙarshen zango.

Baba Ɗanjuma, Ngaundere:
Yanzu na gane abin da ake nufi. Amma ku lura, Malam Sani, duk wannan tsarin naka bai kori haddar da na ambata ba. Wanda bai maimaita da bakinsa ba, ranar da ya buɗe baki harshensa zai harɗe.

Malam Sani, Marwa:
Haka ne Baba, ranka ya daɗe, ban musa ba. Tunda siffar a kafe take, hadda tana da gurbinta. Abin da za a haddace ne ya kamata ya canza. A rera jimlar labarin gaba ɗayanta, "She asked him to keep an eye on her shop", a maimakon a rera maganar tsirara da fassararta. Mai haddace jimla ya haddace har da inda maganar take zama.

Ibrahim, Gidar:
Malamai ina da ƙari. Zane yana aiki sosai. A sa yara su zana ma'anar zahiri, mutum yana miƙa hannunsa da ƙafarsa ga mai kanti, aji ya yi dariya, ba mai mantawa. Kuma a ba su asalin kowace magana. An ce ta hannu da ƙafa ta samo asali ne daga masu zanen hoton mutane a zamanin da, wai suna ƙara kuɗi idan za a zana har da hannuwa da ƙafafu. Ni ina ganin a tara su bisa gaɓoɓin jiki ma, duk na hannu rana ɗaya, duk na ido rana ɗaya.

Malama Zainabu, Kusseri:
Ƙanena Ibrahim, abu uku ka kawo, kowanne sai an yi masa gyara. Zane yana riƙe ma'ana, amma ba ya riƙe kalma. Yaron da ya tuna hoton yana iya rubuta "hand" a gurbin "arm", ko "foot" a gurbin "leg". Ka tuna a bakinmu hannu ɗaya ne daga kafaɗa har yatsu, ƙafa ma ɗaya ce daga cinya har tafin, Bature kuwa ya raba kowanne biyu. Saboda haka "pulling my foot" ba sakaci ba ne, Hausa ce take aiki. Idan za a yi zane, a rubuta maganar a cike a ƙarƙashinsa, a nuna daidai gaɓar da ake nufi.

Labarin masu zanen nan kuwa ba shi da hujja, yawo kawai yake yi a intanet. Faɗin asali yana taimakawa idan asalin tabbatacce ne, Frank Boers ya yi bincike da yawa a kan haka. "Learn the ropes", wato koyon yadda ake tafiyar da sabon aiki, daga jiragen ruwa masu tafiya da iska ya fito, inda sabon ma'aikaci sai ya san igiyoyin. Wannan jimla ɗaya ce, kuma tana haska ma'anar. Wanda ba ka tabbatar ba ka bar shi, domin yaro zai riƙe tatsuniyar ya kai ta wani wuri.

Tarawa bisa gaɓa kuma ita ce na fi tsoro. Ka ba su "give me a hand" da "have a hand in" da "get out of hand" a rana ɗaya, mako mai zuwa za ka samu "give a hand in". Abubuwa masu kama da juna idan aka koye su tare sukan shiga juna. Ka lura Malam Sani bai sa "give me a hand" cikin biyar ɗinsa ba. Ita ma tana da nata tarkon, domin Bahaushe idan ya ji ba ni hannu musabaha zai miƙo, Bature kuwa taimako yake nema. A ba ta nata makon.

Malam Sani, Marwa:
Na yarda da Malama Zainabu a kan tarawa bisa kalma ɗaya. Amma akwai wata tarawar da nake ganin tana da amfani, wato bisa hoton da ke ƙarƙashin maganganun. George Lakoff da Mark Johnson ne suka fito da wannan tunanin a 1980. Ɗauki fushi. Turanci yana kallonsa kamar ruwa mai zafi a cikin tukunya: "hot-tempered", "it made my blood boil", "let off steam", "cool down". Mu ma muna cewa mai zafin rai, zuciyarsa tana tafarfasa, ya huce. Kalmomin ba su yi kama da juna ba, hoton ne ɗaya, kuma yaranmu sun riga sun mallake shi. Wannan darasin yakan tafi da sauri.

Malama Zainabu, Kusseri:
Yakan tafi da sauri wajen ganewa, Malam. Wajen rubutu kuwa yaro yana ganin tunda hoton ɗaya ne an ba shi izini, sai ya ƙirƙiro "his heart is boiling" ko "my heart is black". Ni har yanzu ban gamsu cewa ribar ta fi asarar ba a ajin da bai yi nisa ba. A ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, na yarda.

Malam Sani, Marwa:
Wannan ƙorafin yana da ƙarfi. Abin da zan ce kawai shi ne a faɗa musu ƙarara cewa hoton na taimakon tunawa ne, ba na ƙirƙira ba. Ko hakan ya isa ga yaro ɗan shekara 15, sai kowa ya duba takardun ajinsa.

Malam Adamu, Injamena:
Zan gwada minti goman kwatancen da rukuni ɗaya in gani, ko da yake ajin da ke da harsunan gida biyar ba kamar ajin Garwa ba ne. Amma akwai abin da ba a taɓo ba, wato waɗanne ne ma suka cancanci a koyar. Jerin da ke yawo a hannun ɗalibai cike yake da "raining cats and dogs" da "kick the bucket". Na farkon ya tsufa, ba kasafai ake jinsa ba. Na biyun kuwa maganar raha ce a kan mutuwa, wanda ya sa shi a takardar ta'aziyya ya yi ɓarna babba. Abin da ma'aikaci yake ji kowace rana a ofis su ne marasa ado, irin su "keep in mind", "in the long run", "on the same page", "come up with". Ba su da daɗin zane, amma su ne suke hana mutum fahimtar taro.

Malama Zainabu, Kusseri:
Wannan gaskiya ne, kuma ya shafi insha'i kai tsaye. Kowace magana a rubuta mata inda ake faɗinta. "Make ends meet" tana shiga jarida da rubutun jarrabawa ba matsala. "Cost an arm and a leg" ta hira ce, ba a sa ta a wasiƙar neman aiki ko ta hukuma. Akwai kuma yaran da aka gaya wa cewa salon magana yana jawo maki, sai su cusa shida a sakin layi ɗaya. Mai gyara ba ya ganin gwaninta a nan. Ɗaya ko biyu a insha'i guda, a inda suka dace, sun wadatar.

Game da gwaji, Malama Hadiza, ki raba shi biyu. Na ganewa ya shafi duk abin da kika koyar: gajeren sakin layi, a zaɓi ma'ana. Na amfani ya tsaya ga waɗanda aka yi bitarsu sau uku. Kowace tambaya maki biyu, ɗaya na dacewar ma'ana, ɗaya na siffa. Da haka wanda ya rubuta "made ends met" zai samu ɗaya, ke kuma za ki san siffa ce matsalarsa. Wanda ya ɗaure bel ya fara aiki shi ma ɗaya zai samu, amma maganinsa daban ne, labari yake bukata. Ki guji ba su cike gurbi ko haɗa rabi da rabi kafin su ga maganar a cike sau da yawa. Wanda ya haɗa "put" da "an eye on" da hannunsa, ya rubuta a littafinsa, zai iya riƙe wannan fiye da jan birona da ya zo daga baya.

Malama Hadiza, Garwa:
Allah ya saka da alheri, malamaina. Na zauna na kasa 40 ɗin nan, na cire waɗanda suka tsufa, na ware masu tarko. Abin da ya rage mini shi ne kusan rabin ajin Fulatanci suke yi a gida, akwai kuma 'yan kudu da ba sa jin Hausa ko Fulatanci. Ni kuma Fulatancina na kasuwa ne, ba zan iya hango tarkonsa yadda na hango na ɗaura ɗamara ba. Yaya zan yi da minti goman kwatancen?

Malam Sani, Marwa:
Ba sai kin iya harshen ba. Faransanci shi ne na kowa a ajin, da shi za ki fara. Bayan haka ki ce wanda yake da irin wannan maganar a gida ya faɗa, sannan ya mayar miki da ita Faransanci kalma bayan kalma. A cikin wannan mayarwar ne za ki ji ko gaɓar jikin ta canza, ko aikatau ɗin, ko ma'anar gaba ɗaya. Ki nemi yaro na biyu mai harshen ya tabbatar, domin wani yakan ƙirƙira don ya faranta miki. Ki ware shafi a bayan littafin shirinki, duk abin da suka ba ki ki rubuta a gefen maganar Turancin, tare da kurakuran da kika tsinta a insha'i. Harshe biyu na gida a kowace magana sun isa a darasi ɗaya, sauran su jira darasin salon magana na gaba, a riƙa juyawa don kada masu harshe ɗaya su mamaye.

Ibrahim, Gidar:
Malam Sani, in an samu dama a sa mana labarin mai hatsin a rubuce yadda za a kwafa a allo. Kuma Malama Zainabu, ta bel ɗin, a gwaji za a karɓi "belt" da "belts" duka, ko sai ya dace da mai magana?

Malama Zainabu, Kusseri:
Ya bi mai magana. Mutum ɗaya "belt", jama'a "belts". Idan yaro ya rubuta "our belt" kuma ma'anar ta dace, ni nakan ba shi makin ma'ana cikakke, in ja layi a ƙarƙashin kalmar, in rage rabin makin siffa.